Mafarkan watan azumi: yunwa ce ke kawo su ko yankewar barci?

Da an kwana biyar ko shida da ɗaukar azumi za ka fara jin maganar a majalisa da wajen shan ruwa, wani ya ce shi kam tunda aka fara azumi kullum sai ya yi mafarki kamar a gaske, wata ta ce bayan asuba ta ga kanta a gidansu na ƙauye ana biki ga tukwane a kan wuta amma duk wanda ta buɗe babu komai, wani kuma ya ce shi dannau ne ya matsa masa har ya fara tsoron komawa barcin safe. A gefe guda akwai waɗanda za su ce maka su tun farkon wata ba su yi mafarki ko ɗaya ba, da sun kwanta sai ƙarar agogo. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce yunwa, wai ciki ba komai shi ya sa kai ke yawo. Wasu kuma su ce ai watan ne mai albarka, ruhi ya yi haske. To amma idan yunwa ce kaɗai, me ya sa mutum biyu a gida ɗaya, abinci ɗaya suke ci lokaci ɗaya suke sha ruwa, ɗaya na fama da mafarkai ɗaya kuma shiru?

Abin da binciken barci ya nuna ya ɗan saba wa abin da ake zato. Azumi shi kansa yana rage irin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa ne, ba ƙara shi yake ba. Abin da ke ƙaruwa shi ne yawan lokutan da ake katse barcin, da kuma wurin da ake katse shi, da barcin da ake komawa bayan asuba. Nan ne mafi yawan labarin yake.

## Barcin dare ba iri ɗaya ba ne

A shekarar 1953 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka lura cewa akwai lokutan da idon mai barci ke ta motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma idan aka tashe shi a daidai wannan lokacin yawanci zai ce mafarki yake yi ya kuma ba da labarinsa dalla-dalla. A nan za mu kira shi barcin motsin ido. Wajen mutum takwas cikin goma da aka tasa a cikinsa suna tuna mafarki. A sauran matakan barci ma ana mafarki, sai dai ya fi zama gajere, kamar tunani-tunani, ba mai dogon labari ba.

Barcin baligi yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye wajen minti 90, a dare ɗaya a yi huɗu zuwa shida. Kowane zagaye yana farawa da barci mara nauyi, ya shiga mai nauyi wanda ko an kira sunanka ba ka ji, sannan ya ƙare da barcin motsin ido. Amma rabon ba daidai yake ba, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe. A farkon dare barci mai nauyi ne ke cinye zagayen, motsin ido bai fi minti goma ba. Can wajen goshin asuba abin ya juya, mai nauyin ya kusan ƙarewa, na motsin ido ya miƙe har rabin awa ko fiye. Jimilla yana ɗaukar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na barcin dare, kuma mafi yawansa a sulusin ƙarshe yake. Wannan ba don an daɗe ana barci ba ne kawai, agogon cikin jiki ne ya ware wa wannan barcin lokacinsa, wato daga ƙarshen dare zuwa hantsi, lokacin da zafin jiki ya sauka ƙasa sosai ya fara hawa.

Dalilin da ya sa mafarkin wannan lokacin ke zuwa da abin mamaki kuwa, hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka tun wajen 1996, irin na Pierre Maquet a ƙasar Beljiyam, sun nuna cewa ɓangarorin da ke kula da tsoro da shauƙi suna aiki sosai a barcin motsin ido, shi kuwa ɓangaren goshi mai auna magana ya ce wannan ba zai yiwu ba, ya yi sanyi. Shi ya sa za ka ga kakanka da ya rasu yana tuƙa adaidaita sahu a cikin masallaci kuma ko kaɗan abin bai ba ka mamaki ba sai da ka farka.

Sai abu na ƙarshe, mafarki ba ya zama a kai sai an farka. Wanda ya wuce daga mafarki zuwa wani zagayen barci ba tare da ya ɗan farka ba, da safe ba zai tuna komai ba ko da ya yi mafarki biyar. Ke nan idan mutum ya ce mafarkina ya yi yawa, sau da yawa abin da ya faru shi ne farkawarsa ce ta yi yawa.

## Abin da aka gani da aka auna masu azumi

Ba a yi bincike da yawa a kan barcin masu azumi da na'ura ba, kuma waɗanda aka yi mutanen cikinsu kaɗan ne, amma sakamakon ya tafi hanya ɗaya. A 2001 Rachida Roky da abokan aikinta a Casablanca ta ƙasar Maroko suka fitar da binciken da suka yi a kan samari takwas masu lafiya, an liƙa musu wayoyi a kai ana auna barcinsu kafin azumi da cikinsa da bayansa. Sun ga a cikin azumi barci na daɗewa bai ɗauke su ba, jimillar barcin ta ragu, barci mai nauyi ya ragu, na motsin ido ma ya ragu, sannan zafin jikinsu da daddare ya fi na kullum. Dalilin da suka fi dangantawa da shi shi ne cin abinci da dare, domin narkar da abinci na ɗaga zafin jiki, shi kuma barci mai kyau yana son jiki ya huce.

Sai aka ce to ai wannan canjin lokacin kwanciya ne da cika ciki da dare, ba azumin ba. Ahmed BaHammam na Jami'ar Sarki Saud da ke Riyadh ya bi wannan tambayar, a wani bincike da ya fito a 2014 aka tsayar wa mutanen lokacin kwanciya da na tashi da yawan abincin da za su ci, aka kuma sa su yi azumi a wajen Ramadan don a kwatanta. Sauran matakan barci ba su canza ba, amma barcin motsin ido ya ragu a lokacin azumi, a cikin Ramadan da wajensa. Wato ko an gyara komai, azumin da kansa yana ɗan taɓa wannan barcin.

A nan ne ruɗanin yake. Na'ura ta ce barcin mafarki ya ragu, mutane kuma suna cewa mafarki ya ƙaru. Duka biyun na iya zama gaskiya, saboda na'ura mintoci take ƙirgawa, shi kuma mutum abin da ya tuna yake ƙirgawa. Kuma waɗannan gwaje-gwajen barcin dare suka fi aunawa a ɗaki mai tsari, ba irin daren da mai azumi ke yi a Kano ko Maraɗi ba, wanda aka yanka gida biyu ko uku.

## Mu bi daren mutum ɗaya da lissafi

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kano a azumin da ya faɗo a watan Maris, kamar na 2025, lokacin da ake kiran asuba wajen ƙarfe 5:30 a sha ruwa wajen 6:35 na yamma. Kafin azumi yana kwanciya 10:30 ya tashi asuba, barcin awa bakwai a jere. Zagayensa huɗu da ɗoriya, yana samun barcin motsin idonsa a hankali, ya farka sau ɗaya, in ya tuna mafarki to na ƙarshen ne kawai, shi ma kafin ya gama alwala ya gudu.

Azumi ya zo. Ya sha ruwa da dabino da kunun tsamiya da ƙosai, ya je tarawihi, ya dawo ya ci tuwo wajen ƙarfe tara da rabi, ya zauna hira da shayi mai kauri, ga waya a hannu, bai kwanta ba sai sha biyu. Zagaye na farko ya ƙare wajen 1:30, na biyu wajen 3:00, na uku zai ƙare wajen 4:30. Agogon sahur kuma an saita shi 4:15. Ka ga ke nan ƙarar za ta same shi ne a ƙarshen zagaye na uku, daidai inda barcin motsin ido ya fara tsawo, a tsakiyar mafarki. Lissafin ba ya zama daidai minti da minti, zagayen wani minti 80 ne na wani 110, amma duk wanda aka tasa tsakanin ƙarfe huɗu da biyar yana da babbar damar a tsinke masa mafarki. Kuma ba farkawar juyi ba ce, tashi zai yi ya zauna ya ci abinci, wataƙila ma ya ba matarsa labarin abin da ya gani, to mafarkin ya zauna ke nan.

Ya yi sahur ya yi sallah ya ɗan yi karatu, ƙarfe shida ya koma ya kwanta zuwa 8:30. Wannan barcin na biyu shi ne matattarar mafarkan azumi. Barci mai nauyi an riga an yi mafi yawansa tsakanin sha biyu da uku, jiki ba ya nemansa sosai kuma. Agogon jiki yana kan ganiyar lokacin barcin motsin ido. Sannan ga wanda aka hana shi da aka tashe shi 4:15. Saboda haka maimakon ya jira awa ɗaya da rabi kamar farkon dare, yana iya faɗawa cikin mafarki cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma ya daɗe a ciki. Ga shi barcin safe ba ya nisa, haske ya shigo, yara na shirin makaranta, zafi ya fara, maƙwabta na daka, duk bayan ɗan lokaci sai ya farka ya koma, kowace farkawa kuma tana kama wani guntun mafarki. Zai tashi da mafarki uku ko huɗu a kai ya ce bai taɓa yin mafarki irin na bana ba, alhali in an haɗa mintocin wataƙila bai kai na kafin azumi ba.

Yanzu a kwatanta da matarsa, ko duk wanda ba ya komawa. Ita ta tashi 3:30 don ɗumame da dafa shayi, bayan asuba ga shirin yara ga wanke-wanke, ko kuma ma'aikaciya ce da za ta fita ƙarfe bakwai. Barcinta awa uku da rabi zuwa huɗu ne, a farkon dare inda barci mai nauyi ya fi taruwa, an yanke mata ɓangaren dare da mafarki ke zaune. Irinta ce za ta ce ita ba ta mafarki a azumi. Sai dai jiki yana riƙe wannan a matsayin bashi. Wani mai binciken barci, William Dement, ya nuna haka tun 1960, da ya riƙa tashin mutane duk lokacin da suka shiga barcin motsin ido dare bayan dare, da aka ƙyale su sai suka yi shi fiye da ƙima. Shi ya sa ranar Asabar da ta samu ta koma barci har hantsi, ko a ƙailular azahar, mafarkin zai zo mata da ƙarfi, dogo, mai cike da tashin hankali ko kuka, ta farka zuciya na bugawa.

A goman ƙarshe abin ya ƙara rikicewa ga mai zuwa tahajjud. Ya ɗan kwanta sha ɗaya zuwa sha biyu da rabi, ya tafi masallaci ya dawo wajen uku, wani ya ɗan runtsa kafin sahur wani ba ya runtsawa, sai barcin bayan asuba, sai na azahar. Barci gida uku ko huɗu, kowanne da farkawarsa, kuma mafi tsawonsu ya koma safiya. Ba abin mamaki ba ne a ce mafarkan da aka fi ba da labari na waɗannan kwanakin ne.

## To ita yunwar ba ta da hannu ke nan?

Tana da shi, amma ba yadda ake ɗauka ba. Da farko a lura cewa mai azumi ba da yunwa yake barcin dare ba, da ƙoshi yake yi, wani lokacin ma ƙoshin ya wuce misali. Barcin bayan asuba shi ma a kan cikakken ciki ake yinsa. Barcin da ake yi da yunwa da ƙishirwa na gaske shi ne na azahar zuwa la'asar, awa takwas ko goma bayan sahur. Don haka mafarkin dare da na safe idan abinci na da hannu a ciki, cikar ciki ce ba rashinsa ba. Wanda ya ci soyayyen abu da yaji ya sha fura ya kwanta nan take, ruwan ciki mai tsami na iya tasowa maƙogwaro, ƙwannafi ke nan, ya riƙa ɗan farkar da shi ba tare da ya sani ba, ya kuma shiga mafarkin a matsayin shaƙewa ko wani abu ya danne ƙirji. Haka wanda ya ɗura ruwa kofi huɗu a sahur don tsoron ƙishirwa, fitsari zai tashe shi a tsakiyar mafarki.

Yunwa kuma tana da hanyarta a ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari da aka gano a 1998 mai suna oreksin, ƙwayoyin da ke samar da shi suna ƙara aiki idan sukarin jini ya yi ƙasa, aikinsa shi ne ya hana barci ya kuma danne barcin motsin ido. Ana ganin wannan na cikin abin da zai iya bayyana raguwar da aka gani a Riyadh. Wato yunwa ta fi sa barci ya zama sama-sama mai saurin yankewa, shi kuma barci sama-sama ya fi barin mutum da tunawa.

Akwai bincike ɗaya da masu cewa yunwa ce za su iya kafa hujja da shi. A 2015 Tore Nielsen da Russell Powell a ƙasar Kanada sun tambayi ɗalibai kusan 400 game da abinci da mafarki, suka ga waɗanda ke daɗewa ba su ci abinci ba sun fi ba da rahoton mafarki mai fitowa sarai. Amma tambaya ce aka yi musu ba aunawa ba, ba masu azumin Ramadan ba ne, kuma irin wannan binciken ba ya iya raba yunwar da sauran halayen mutum kamar yadda yake barci. Alama ce, ba ta kai hukunci ba.

Batun mafarkin abinci da ruwa kuwa, an san abin da jiki ke ji yana kutsawa cikin mafarki. Dement da Edward Wolpert a 1958 sun riƙa yayyafa wa masu barci ruwa a fata suna tsakiyar mafarki, kusan huɗu cikin goma ruwan ya fito a labarin, wani ya ga ruwan sama wani ya ga rufi na yoyo. Amma da suka hana wasu shan ruwa na tsawon yini guda, yawancin mafarkansu ba su taɓo ƙishirwa ba. Ke nan ba dole ba ne mai ƙishirwa ya yi mafarkin randa. Abin da ya fi sa mai azumi mafarkin yana cin abinci da rana ya farka a firgice yana tunanin ya karya azumi, ya fi kama da abin da ya wuni yana tsaro a ransa, domin abin da ya dami mutum a farke shi ne ya fi biyo shi barci.

Kada kuma a manta da abubuwan da aka daina da waɗanda aka matsar. Mai shan sigari da ya wuni bai sha ba, mai goro da mai shayi da suka mayar da na yini duka zuwa bayan isha'i. Sinadarin da ke cikin shayi da goro da kofi yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jini, don haka shayin ƙarfe goma na dare rabinsa na nan ƙarfe uku. Ga zafin bazara a ɗakin da ba wuta, kuma a barcin motsin ido jiki ba ya iya daidaita zafinsa yadda ya kamata, sai ya gwammace ya farka.

## Dannau, da mafarkin da ka san mafarki kake

A barcin motsin ido ƙwaƙwalwa na kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, ido da numfashi kawai ake bari. Dannau shi ne hankali ya dawo alhali wannan kullin bai saki ba. Ido biyu, kana jin motsin gida, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, ihu ba ya fita, ƙirji ya yi nauyi, wani lokacin ka ga kamar akwai wani tsaye a bakin ƙofa saboda hoton mafarkin bai gama gushewa ba. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa ƴan mintoci ya saki da kansa.

A 1992 Tomoka Takeuchi da abokan aikinta a Japan sun iya jawo dannau a ɗakin gwaji ta hanyar tashin mutane cikin dare a bar su a farke na ɗan lokaci sannan a mayar da su barci, abin da ke sa wasu su faɗa barcin motsin ido kai tsaye. Duk mai yin sahur ya koma ya kwanta kusan wannan tsarin yake bi kullum har wata guda. Kwanciya rigingine da ƙarancin barci suna ƙara yiwuwarsa. Haka nan masu neman yin mafarkin da mutum ya san mafarki yake har ya iya juya shi, dabarar da aka fi sani a wajensu ita ce a tashi bayan barcin awa biyar ko shida a zauna rabin awa zuwa awa ɗaya a koma. Mai azumi yana yin wannan ba da niyya ba, shi ya sa wasu ke cewa bayan asuba suna barci amma kamar idonsu biyu.

## Inda malamai suka tsaya

Masu cewa watan ne ba su rasa madogara ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne, akwai na gari wanda bushara ce daga Allah, akwai na baƙanta rai daga shaiɗan, akwai kuma wanda zancen zuci ne, abin da mutum ke saƙawa a ransa. Ya kuma tabbata daga Ibn Umar cewa an nuna wa wasu sahabbai daren Lailatul Ƙadri a mafarki a cikin bakwai na ƙarshe, Annabi (SAW) ya ce yana ganin mafarkansu sun haɗu a kan haka. Akwai wata ruwaya a Tirmizi mai cewa mafarkin lokacin sahur ya fi gaskiya, amma malaman hadisi da dama sun raunana ta, bai kamata a gina hukunci a kanta ba.

Tambayar da ke yawan zuwa wajen tafsiri ita ce, tunda an ɗaure shaiɗanu a Ramadan ina mummunan mafarki ke fitowa? Daga cikin amsoshin malamai akwai cewa kangararrun ne aka ɗaure, ko kuma an rage musu ƙarfi ne ba a kawar da su gaba ɗaya ba, sannan ga kashi na uku wato zancen zuci wanda ba ya buƙatar shaiɗan. Wannan kashi na ukun shi ne inda bayanin malamai da na likitoci suka haɗu. Na'ura na iya faɗin lokacin da aka yi mafarki da dalilin da ya sa aka tuna shi, ba ta da abin cewa a kan ko wani mafarki bushara ne. Su ma malamai ba su ce duk mafarkin da ya fito sarai gaskiya ne ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka ƙarfin mafarki shi ne shaidar gaskiyarsa, mutum ya ga ƴar uwarsa ta ba shi abinci a mafarkin bayan asuba ya tashi ya fara zarginta da sammu, alhali mafarkin wannan lokacin ko na waye da ƙarfi yake zuwa.

Abu biyu na fiƙihu da ke shafar mutane kai tsaye: wanda ya yi mafarkin janaba da rana yana azumi, azuminsa na nan, wanka kawai zai yi. Wanda ya ga yana ci ko sha a mafarki shi ma babu abin da ya samu azuminsa. Ga mummunan mafarki kuma abin da aka koyar shi ne a yi tofi ta hagu sau uku, a nemi tsari, a juya kwanciya, kada a ba kowa labari.

## Wanda za a bari da wanda ba za a bari ba

Ga yawancin mutane wannan canjin ba cuta ba ne. Bayan Sallah ma ana iya samun ƴan kwanaki na mafarkai masu yawa yayin da jiki ke cike giɓin da aka bari, sannan komai ya koma daidai cikin sati ɗaya ko biyu. Wanda abin ya dama, abin da ya fi tasiri shi ne ya tsawaita barcin farko, ya kwanta goma da rabi maimakon sha biyu, don zagaye huɗu kafin sahur sun fi uku kuma barcin safe ba zai zo da matsi ba. Ya bar tazara tsakanin tuwon dare da kwanciya ko da awa biyu ce, shayi mai kauri ya tsaya kusa da shan ruwa, ruwan sha a rarraba shi tsakanin magariba da sahur, mai fama da dannau kuma ya kwanta ta gefe. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 yawanci ba ta kaiwa ga dogon mafarki, wadda ta haura awa ɗaya ita ce ke kaiwa.

Akwai dai mutanen da mummunan mafarki a wajensu saƙo ne daga jiki. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da suga da ƙarfi, idan ya riƙa farkawa daga mafarkin tsoro jiƙe da gumi, jiki na rawa, kai na ciwo, musamman a barcin rana, to ya auna jininsa nan take, domin haka faɗuwar suga cikin barci ke bayyana. Ƙa'idar da likitocin suga ke bayarwa ita ce idan awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, a karya azumi, kuma auna jini da ɗan huda yatsa ba ya karya shi. Wanda ya canza lokacin shan maganinsa saboda azumi ya ga mafarkai sun rikice, ya gaya wa likitan da ya rubuta masa kafin ya daina, don wasu magungunan hawan jini da na damuwa suna taɓa barcin mafarki. Idan mafarkan sun zo da zazzaɓi a yi gwajin maleriya. Mai minshari mai ƙarfi da ke farkawa yana haki kamar an shaƙe shi, ko wanda ke duka da harbi da ƙafa yana aikata mafarkinsa har ya ji wa na kusa ciwo, ko wanda mafarki ɗaya na wani tashin hankali da ya taɓa gani ke ta dawo masa har bayan Sallah, waɗannan ba sahur ba ne ya kawo su, asibiti za a je.